Man nan ya fi ƙarfin aljihuna: ko akwai na gida da zai maye gurbinsa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina shafa CeraVe Moisturising Cream, na babbar robar nan mai faɗin baki. Ni mai gautsin fata ce, da hunturu ya kama sai ƙwaurina ya yi furu-furu, har ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Shi kaɗai na samu ya karɓe ni. To tun da aka saki Naira a 2023 kuɗinsa ke hawa, jiya na tambaya na ji farashin da ya sa na ajiye wayar. Na shiga Sabon Gari na samo mayuka biyu da ake yi a nan gida, mai shagon ya ce duk "irinsa ne". Ban saya ba, hoton bayansu kawai na ɗauko. Wa ta iya karanta rubutun nan na baya ta taya ni dubawa?

Ummi Zariya: Wa alaikumus salam. Ki ɗauki wanda aka rubuta ceramide a gabansa kawai. Ai shi ne sirrin CeraVe ɗin, daga nan ma sunan ya fito.

Hajiya Babba: Ku dai 'yan zamani da neman wahala. Man kaɗe ki samu mai kyau, na Neja ko na Kwara, ki shafa bayan wanka. Da shi muka tashi, da shi muka yi jego, ba mu san wani ƙwauri ya tsage ba.

Anti Saude: Maman Ilham, kada ki turo hoto, rubutun kan yi ƙanana. Ki daure ki kwafo mana shi da hannu, a jere yadda yake, kada ki sauya wa ko ɗaya wuri. Jerin shi ne rabin labarin. Ki fara da na CeraVe ɗin da ke hannunki, don kamfanoni kan ɗan taɓa haɗinsu lokaci zuwa lokaci, gara mu yi aiki da abin da fatarki ta sani.

Maman Ilham: To Anti. Ga na jikin robata:

Aqua, Glycerin, Cetearyl Alcohol, Caprylic/Capric Triglyceride, Cetyl Alcohol, Ceteareth-20, Petrolatum, Potassium Phosphate, Ceramide NP, Ceramide AP, Ceramide EOP, Carbomer, Dimethicone, Behentrimonium Methosulfate, Sodium Lauroyl Lactylate, Sodium Hyaluronate, Cholesterol, Phenoxyethanol, Disodium EDTA, Dipotassium Phosphate, Tocopherol, Phytosphingosine, Xanthan Gum, Ethylhexylglycerin.

Wallahi sai da idona ya yi ruwa.

Amaryar Bichi: Innalillahi! Alcohol har sau biyu? Maman Ilham, shekara uku kina salla da giya a jiki?

Anti Saude: Kwantar da hankalinki Amarya. Wannan ba abin sha ba ne, ba ma ruwa ba ne. Na yi shekara shida a ɗakin gwaji na wata masana'antar sabulu da man shafawa, da buhu ake kawo mana Cetearyl Alcohol, farare ne ƙwaya-ƙwaya kamar an farfasa kyandir. Yawanci daga man kwakwa ko ƙwarar manja ake fitar da shi. Aikinsa ya ba mai kauri da santsi. Suna ne kawai na masu ilimin sinadarai ya haɗa su. Wanda ke da ruwa-ruwa, mai tashi a iska, mai busar da fata, za ki ga an rubuta shi Alcohol Denat., ko Alcohol shi kaɗai ba tare da wata kalma a gabansa ba. Babu shi a nan.

Amaryar Bichi: Alhamdulillahi. Saura Cholesterol ɗin, kada ya sa mata hawan jini.

Maman Ilham: Amarya ki bar ni da abin da ya dame ni don Allah, na kusa shaƙewa da shayi.

Anti Saude: Shi ma ba ya wuce fata, ita kanta fatar tana da nata.

Bari in faɗi ƙa'idar, don da ita za mu yi awon duka. A Turai da Amurka doka ce a jera abubuwan haɗi daga mai yawa zuwa mai kaɗan, bisa nauyi. Kamfanonin kirki na nan gida ma haka suke bi. Amma akwai ƙofar da aka bari: duk abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kamfani na iya jera shi yadda ya ga dama bayan manyan. Saboda haka jerin gida biyu ne. Na sama shi ne gangar jikin man, yana bin tsari. Na ƙasa barbaɗe ne, ba tsari. Aikinmu na farko mu gano inda katangar take.

A wannan jerin, ku dubi abin da ya biyo bayan Petrolatum. Potassium Phosphate ne, ɗan gishirin da ake sa wa don daidaita tsamin mai, kuma kaɗan ake sa shi. Can gaba kaɗan ga Carbomer, wanda ɗan mitsitsi ke kafe ruwa ya zama kamar kamu. Ni a karatuna katangar tana nan daf da bayan Petrolatum. Ke nan abubuwa bakwai ne jikin man: ruwa, gilisirin, masu kauri biyu, wani mai marar nauyi da ake samu daga kwakwa, abin da ke hana ruwa da mai rabuwa, sai basilin. Petrolatum basilin ne, irin wanda kuka sani.

Maman Ilham: Tsaya Anti. Kina nufin duk kuɗin nan da nake zubawa, ruwa da gilisirin da basilin nake saya?

Anti Saude: Mafi yawan nauyin robar, e. Ban ce shi ke nan ba, za mu zo kan sauran. Amma laushin da kike ji minti goma bayan kin shafa, waɗannan bakwai ɗin ne. Gilisirin ya riƙe ruwa a fata, mayukan su cike tsagar, basilin ya rufe kada iskar hunturu ta kwashe.

Ummi Zariya: Ni abin da na koya ya fi wannan sauƙi. A nemo Phenoxyethanol, maganin hana mai lalacewa, tunda ba a yarda ya wuce kashi 1 ba. Duk abin da ke samansa ya fi kashi 1, duk na ƙasansa bai kai ba. Kuma ga shi nan ceramide ukun duk suna samansa. To ashe suna da yawa ke nan, ba barbaɗe ba ne.

Anti Saude: Rabin maganarki daidai ne Ummi. Gaskiya ne a dokar Turai Phenoxyethanol ba ya wuce kashi 1, don haka abin da ya zo bayansa ba zai zama mai yawa ba. Amma ba lallai abin da ke samansa ya fi kashi 1 ba. Tunda an shiga gidan da ba tsari, kamfani na iya ɗauko abin da yake alfahari da shi ya sa a gaba, ya tura maganin hana lalacewa can baya. In ke ce mai kamfanin, ceramide za ki fara rubutawa ko sinadarin da sunansa ke tsorata mutane? Shi ya sa ba alama ɗaya ake nema ba. Ki bi jerin daga sama, abu na farko da kika san ba a zuba shi da yawa, nan ne katangar ta fara.

Ummi Zariya: Na ji wannan. Amma ban yarda ƙanƙantarsa na nufin ba ya aiki ba. Gishiri nawa ake sa wa a tukunyar miya?

Anti Saude: Ban ce ba ya aiki ba, kuma misalinki ya zauna. Ceramide yana cikin kitsen da ke liƙe ƙwayoyin saman fata, masu bushewar fata da masu ƙaiƙayi sukan kasance da ƙarancinsa. Abin da na ce shi ne jerin ba zai gaya miki ko nawa aka sa ba. Wanda ya sa abin kirki da wanda ya ɗiga don ya samu damar rubutawa a gaban roba, duk suna ɗaya za su rubuta. Maman Ilham, kawo na gida biyun nan.

Maman Ilham: Na farko, shi ne mai ceramide da manyan baƙi a gaba, har kalar robar ta so ta yi kama:

Aqua, Paraffinum Liquidum, Stearic Acid, Cetyl Alcohol, Parfum, Glycerin, Triethanolamine, Kojic Acid, Carbomer, Methylparaben, Propylparaben, Ceramide NP.

Na biyu ba ya wani ado, farar roba ce, an ce na busasshiyar fata:

Aqua, Glycerin, Butyrospermum Parkii Butter, Cetearyl Alcohol, Caprylic/Capric Triglyceride, Petrolatum, Ceteareth-20, Dimethicone, Phenoxyethanol, Xanthan Gum, Tocopherol, Ethylhexylglycerin.

Na biyun babu ceramide ko ɗaya. Na farkon ya fi araha kuma.

Maman Twins: Ni dai tambayata, cikin biyun wanne ya fi sa haske? Bikin ƙanwata saura wata ɗaya.

Hajiya Babba: Ke kuma daga ina? Ana maganar kaushi kina maganar haske.

Ummi Zariya: To ni na janye maganata ta farko tun kafin a kore ni. Parfum na biyar, gilisirin na bayansa. Anti, ba haka ake karantawa ba?

Anti Saude: Kin kama. Turare a man jiki ba ya da yawa, galibi bai fi kashi 1 ba ko kusa da haka. In gilisirin ya zo bayan turare, ɗayan biyu ne: ko gilisirin ɗin ɗan kaɗan ne, ko turaren ya yi yawa. Duk biyun ba labari mai daɗi ba ne ga fatar da ta tsage. A CeraVe gilisirin ne na biyu, daga ruwa sai shi, kuma babu turare sam. Wannan rashin turaren ma ina zargin yana cikin dalilin da ya sa ya karɓe ki, don turare na kan gaba cikin abubuwan da ke tayar wa mutane ƙaiƙayi.

Paraffinum Liquidum ba laifi ba ne, shi ne man jariran nan mai kama da ruwa. Yana rufe fata, yana da araha, ba ya cika tayar da ƙaiƙayi. Sai dai shi da Stearic Acid da Triethanolamine tsohon salon haɗa loshan ne mai sauƙin kuɗi, ba ginin CeraVe ba ne ko kusa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Kojic Acid. Wannan na rage duhun fata ne. Me ya kawo shi cikin man da aka ce na gyaran bushewa ne? Yana iya yi wa fata mai tsaga zafi. Ke ba haske kika je nema ba.

Maman Twins: To ni a ba ni sunan na farkon.

Anti Saude: Maman Twins, zan dawo kanki, ki ɗan jira ni.

Na biyun kuwa, ku ajiye shi gefe da gefe da bakwai ɗin can. Ruwa, akwai. Gilisirin a matsayi na biyu, akwai. Cetearyl Alcohol, akwai. Man kwakwar nan marar nauyi, akwai. Basilin, akwai. Ceteareth-20, akwai. Shida cikin bakwai, kuma kusan a jere ɗaya. Wanda ya ɓace Cetyl Alcohol ne, shi kuma ɗan uwan Cetearyl ne, aikinsu ɗaya. Sannan an ƙara abu guda a matsayi na uku. Hajiya, kin san mene ne Butyrospermum Parkii Butter?

Hajiya Babba: Ina zan sani, ni da ko karanta shi ban iya ba.

Anti Saude: Man kaɗenki ne.

Hajiya Babba: Allahu Akbar! To me na ce tun farko? An sa masa sunan Bature an ɗura a roba, yanzu kowa zai yarda da shi.

'Yar Maraɗi: Sannunku da hira, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan kayanmu yawanci da Faransanci suke zuwa, a gaban roba za ki ga beurre de karité, amma in kika juya baya wannan dogon sunan dai za ki gani, da Aqua da Glycerin da sauran. Na daɗe ina mamakin abin da ya hana su fassara wurin.

Anti Saude: Da gangan ne. Sunaye ne na bai ɗaya da ake kira INCI, don mai saye a Maraɗi da mai saye a Kano da na Landan su ga abu ɗaya. Shi ya sa kwatancen ke yiwuwa. Gaban roba talla ne, kowa da yarensa da ƙaryarsa. Ɗan bambancin da za ki gani, kayan Amurka sukan rubuta Water, Fragrance da Mineral Oil a inda na Turai ke rubuta Aqua, Parfum da Paraffinum Liquidum.

Maman Ilham: To in na fahimta, wanda bai ce komai ba shi ya fi kama, wanda ya yi ta ihun ceramide kuma shi ya fi nisa. Amma Anti, gaskiya nake so. In na sayi na biyun, abu ɗaya zan ji?

Anti Saude: A'a, kuma duk wadda ta ce miki e ta yi miki alkawarin da ba nata ba. Ga abin da nake tsammani. Zai fi nauyi da maiƙo saboda man kaɗen yana sama sosai. A ƙafa da hannu cikin hunturu wannan riba ce. A fuska, ko a watan Afrilu da zafin Kano, wataƙila ki ji ya dame ki, wasu ma ya fito musu da ƙuraje. Na biyu, babu ceramide da Cholesterol da Phytosphingosine, waɗanda su ukun tare suke tafiya a CeraVe don su kwaikwayi kitsen fata. Na uku, yadda aka dama shi. Kamfanin CeraVe na cewa yana da wata hanyar haɗi da yake kira MVE, mai sakin abubuwan a hankali cikin yini. Ko mutum ya yarda da duk abin da suke faɗa ko bai yarda ba, zafin da aka dafa mai, da irin injin da ya buga shi, da tsabtar kayan da aka saya, babu wanda ke fitowa a jerin. Ki ba mata biyu shinkafa ɗaya da yis ɗaya, ki ga ko masarsu za ta zo ɗaya.

Hajiya Babba: To tunda man kaɗe ne a ciki, ta sayi zallansa mana, ta huta da 'yan kamfani.

Maman Ilham: Hajiya na gwada wallahi, shekarar da na haifi Ilham. Ƙafar ta yi ta ƙyalli amma a ƙarƙashi tana nan a bushe, zanin gado kuma ya sha mai.

Anti Saude: Dalilin ke nan da ya sa jerin ya fara da ruwa da gilisirin. Man kaɗe zalla babu ruwa a cikinsa, murfi ne. In kin rufe tukunyar da ba komai, ba komai za ki tarar. Su Hajiya da ya yi wa aiki, ina kyautata zaton suna shafawa ne da fitowarsu daga wanka jiki da danshi.

Hajiya Babba: Haka ne kuwa, ko tawul ba ma bari ya gama shanyewa.

Anti Saude: To kin ga. Wadda kuɗinta bai kai na roba ba, ta fito wanka da danshinta, ta ɗiga gilisirin na kemis biyu ko uku a tafin hannu mai ruwa ta murza, ta bi da man kaɗe ko basilin. Ta samu babban ɓangaren aikin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zuba ruwa da gilisirin da man kaɗe a kwalba a ajiye. Duk abin da ruwa ya shiga yana buƙatar maganin hana ƙwayoyin cuta, in ba haka ba cikin kwanaki zai fara lalacewa tun ido bai gani ba.

Maman Sadik: Wannan maganar ta taɓo ni. Bara na sayi wani haɗi wurin wata mai sayarwa a waya, ta ce "oganik" ne, irin na waje sak amma na gida. A jikin robar an rubuta man kaɗe, zuma, karas, kurkum, shi ke nan. Amma fari ne sol, mai laushi kamar kirim ɗin kanti. Sati biyu na yi fari har mutane na tambaya. Da ya ƙare na tsaya, fuskata ta feso da ƙuraje, ga ja, ga zafi kamar an shafa barkono. Da na je asibiti likitan fata ya ce alamun sitiroyid ne. Wata huɗu ina fama.

Anti Saude: Sannu Maman Sadik, Allah ya ƙara sauƙi. Maman Twins, ga amsarki ta zo da ƙafarta. Kuma wannan ita ce iyakar duk abin da muke yi a nan: kwatanta jeri yana aiki ne in mai jerin ya faɗi gaskiya. Amma ko ƙaryar takan bar sawu. Abu in ya zama kirim fari mai laushi irin na kanti, akwai ruwa a ciki, akwai abin da ya haɗa ruwan da mai, akwai maganin hana lalacewa. In jerin bai ambaci ko ɗaya ba, to ba a rubuta duka ba, sai ki tambayi kanki me kuma aka ɓoye. Man kaɗe da kurkum ba sa fitowa fari sol, ba sa kuma sauya launin mutum cikin sati biyu. NAFDAC ta hana sa sitiroyid da makuri a man shafawa, ta kuma sa wa Hydroquinone, sinadarin bilicin, iyakar kashi 2 cikin 100. In kun ga Clobetasol ko Betamethasone a jikin bututu, sitiroyid ne, magani ne na likita, ba man kwalliya ba. Masu haɗi kuwa matse shi suke a ciki, ba za su rubuta ba.

Maman Twins: Ni fa ba bilicin na ce ba. Ɗan haske.

Hajiya Babba: Duk wadda ta ƙone da "ɗan haske" ta fara. Ki sha ruwa ki yi barci, a yi miki dilka ranar kamu.

Mai Shago Fagge: Ku ba ni dama in sa baki a matsayin mai sayarwa. Kuna ta binciken na gida kamar shi kaɗai ne abin zargi. Na wajen da ake ji da shi jabunsa ya cika kasuwa, kuma mai jabu kwafe jerin yake harafi da harafi. Ki karanta ki ga komai daidai, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Ni a wurina na gida mai lambar NAFDAC da adireshin masana'anta da lambar rukuni da ranar lalacewa ya fi na waje da aka ce an yi rangwamen rabin kuɗi. Aƙalla na san ƙofar da zan buga.

Ummi Zariya: Lambar ma ai ana buga ta ƙarya.

Mai Shago Fagge: Ana yi. Ban ce hujja ce ba. Amma wanda bai ma damu ya sa ba fa? Sannan Maman Ilham, kada araha ta ruɗe ki, ki duba giram. Taki babbar 454 ce in ban manta ba, na gida da yawa 200 ne ko 250. Ki raba kuɗin kowanne da giram ɗinsa kafin ki ce wannan ya fi sauƙi. Na sha ganin mace ta sayi ƙarama biyu a kuɗin da ya kusa na babba ɗaya tana murna.

Maman Ilham: 454 ce. Na biyun 250. Na yi lissafin yanzu, duk da haka bai kai rabin kuɗin ba a kowane giram. Yana da lamba da adireshi a Legas.

Maman Sadik: Anti, ɗana mai wata takwas yana da ƙaiƙayi a kumatu da bayan gwiwa, har yana sosawa ya yi jini. Na biyun zai yi masa?

Anti Saude: Wanda ya kai ga jini a kai shi asibiti tukuna, kada mu yi masa magani a waya. In likita ya ce a riƙa shafa mai marar turare, sai ki nuna masa jerin.

Maman Ilham, in za ki saya ki sayi roba ɗaya, kuma kada ki bari tsohon ya ƙare tukuna. Ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10. Wani ƙaiƙayin ba ya fitowa ranar farko, sai an maimaita. In shiru, sai ki raba ƙafafunki: dama sabo, hagu tsoho, sati biyu, sabulu ɗaya, ba ki sauya komai ba. Da yamma ki ja farce a hankali kan kowane ƙwauri ki ga wanne ke barin farin layi.

Amaryar Bichi: Maigida zai ce lafiya, ƙafa ɗaya na ƙyalli ɗaya ba ta yi.

Maman Ilham: Shi da ya ji farashin, da kansa zai riƙa duba mini.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto, yau kwana 25. Gwajin hannu lafiya lau. A ƙafa, in gaskiya za a bi, da safe zuwa la'asar ban ga bambanci ba, babu farin layi a ko wacce. Sabon ya fi maiƙo kamar yadda Anti ta ce, sai na jira kamar minti biyar kafin in sa doguwar riga, kuma yana da ɗan warin man kaɗe. Diddigena na dama ma ya fi na hagu laushi, fason ya fara rufewa. Amma ranar da na yi tafiya Gaya na kwana ban shafa ba, washegari ƙafar dama ta fi bushewa, ta hagu ta riƙe. A fuska kuma na yi karambani na shafa kwana huɗu, ƙananan ƙuraje uku suka fito a haɓa, na daina.

Ummi Zariya: Kun ji ko! Ranar da ba ta shafa ba ta hagu ta riƙe. Ceramide ɗin ke nan. Na faɗa muku gishiri ne.

Anti Saude: Zai iya zama shi. Zai iya zama yadda aka haɗa man. Zai iya zama ƙafar dama ce ke bakin taga a mota, iska na dukanta tun daga Kano har Gaya. Rana ɗaya, ƙafa ɗaya, ba zan yanke hukunci a kai ba.

Maman Ilham: Wallahi Anti a bakin taga na zauna, kuma ta dama ce.

Ummi Zariya: To ki sake, ki tsallake rana ɗaya kina gida.

Maman Ilham: Zan gwada ranar Asabar in Allah ya kai mu. Yanzu dai abin da na tsayar: na gida a jiki, ragowar CeraVe ɗin a fuska kawai. A haka robar da ke yi mini wata biyu za ta kai ni har bayan salla.

'Yar Maraɗi: Ki sauya ƙafafun ma, hagu ta karɓi sabon. Ni kuma gobe zan kwafo muku jerin wani da ake kawo mana daga Abijan, turarensa na bakwai ne amma gilisirin na biyu, ban san ta inda zan kama shi ba.

Anti Saude: Kawo shi, amma ki haɗo da abin da ke na shida da na takwas, kada ki tsallake ko ɗaya.